Me ya sa ƙarfe ke ɗaukar wuta, kuma ina silikon ya tsaya?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina aji biyu na babbar sakandare, da yamma kuma ina koyon aikin waya wurin ƙanen mahaifina. An ba mu jadawalin sinadarai an ce mu haddace cewa ƙarafa na hagu, waɗanda ba ƙarafa ba na dama, metaloyid na tsakiya. Na haddace, amma ban gane dalili ba. Me ke cikin jan ƙarfe da ya sa wuta ke bin sa, ba ta bin farar wuta? Kuma an ce kabon ba ƙarfe ba ne, to yaya bakin fensir ya kunna mini ƙaramin ƙwai da batir?

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗana. Mu fara gyara wata kalma tukuna, don ita ce ke fara rikita ɗalibanmu. A bakinmu na yau da kullum, idan aka ce ƙarfe, abin da ke zuwa zuciya shi ne na maƙera, wanda ake ƙera gatari da fartanya da shi. A kimiyyar sinadarai kuwa wannan ɗaya ne kawai daga cikin dangi mai yawa, shi ya sa zan riƙa kiransa baƙin ƙarfe. Zinariya ƙarfe ce, azurfa da dalma da kuza da jan ƙarfe da alminiyam duk ƙarafa ne. Zaiba ma ƙarfe ce ko da yake ruwa-ruwa take, ba ta daskarewa sai sanyi ya kai digiri 39 ƙasa da sifili. Sodiyam ƙarfe ne, alhali wuƙar tebur na yanka shi, kuma idan ka jefa shi a ruwa yawo zai yi a sama. Ka ga ashe tauri da nauyi ba su ne ke mai da abu ƙarfe ba. Daga cikin sinadarai 118 da aka sani, fiye da 90 ƙarafa ne, waɗanda ba ƙarafa ba ba su wuce ashirin ba, sai 'yan tsakiya, wato metaloyid, da aka fi lissafa guda shida: boron, silikon, jamaniyam, asenik, antimoni da teluriyam.

Abin da ya raba su abu ɗaya ne: yadda ƙwayar zarra take riƙe da elektiron ɗinta na waje. Kowace ƙwayar zarra tana da cibiya mai cajin fozitib, adadin furoton ɗin da ke cikinta kuma shi ne lambar da kake gani a jadawali. Elektiron masu cajin negatib suna kewaye da ita hawa-hawa. Na ciki suna manne da cibiya, ba ruwansu da abin da ke faruwa a waje. Na hawan ƙarshe su ne ke hulɗa da maƙwabta. Ƙwayar da riƙonta ga waɗannan na waje ke da sako-sako, ƙarfe ce. Wadda ta damƙe nata har tana neman ƙari, ba ƙarfe ba ce.

Ɗauko jadawalinka ka sa yatsa a sahu na uku, mu bi shi daga hagu zuwa dama, domin a wannan sahu ɗaya za ka ga nau'in ukun duka: Na, Mg, Al, Si, P, S, Cl, Ar. Dukkansu hawa uku na elektiron suke da shi. Sodiyam yana da furoton 11 da elektiron ɗaya tak a waje. Kana matsawa dama ana ƙara furoton ɗaya a cibiya, ana ƙara elektiron ɗaya a wannan hawa na uku ɗin dai, ba a buɗe sabon hawa ba. Saboda haka cibiya na ƙara ƙarfin ja, nisa kuwa bai ƙaru ba, sai ma ƙwayar ta ƙara tsukewa. Da ka isa kulorin, furoton 17 ne ke jan elektiron bakwai na waje, riƙon ya yi tsanani.

Ana iya auna wannan riƙo. Makamashin da ake buƙata a cire elektiron na farko daga sodiyam shi ne 496 kJ/mol. Na alminiyam 578, na silikon 787, na farar wuta kusan 1000, na kulorin 1251, na agon 1521. Hawan ba santsi yake ba gaba ɗaya, magniziyam ya ɗan ɗara alminiyam, fosforas ya ɗan ɗara farar wuta, amma alkiblar a fili take. Sodiyam da magniziyam da alminiyam sakin elektiron ba ya yi musu tsada, su ne ƙarafan sahun. Fosforas da farar wuta da kulorin ba sa saki. Agon ya cika hawansa da takwas, ba ya bayarwa ba ya karɓa. Silikon ya faɗo daidai inda lamarin ke juyawa, yana da huɗu a waje.

Idan kuma ka bi rukuni daga sama zuwa ƙasa, akasin haka ke faruwa. Kowane mataki ana ƙara sabon hawa, elektiron na waje yana ƙara nisa da cibiya, na ciki kuma suna tare shi daga janta, sai riƙo ya yi rauni. Haɗa waɗannan biyun: zuwa dama riƙo na ƙaruwa, zuwa ƙasa yana raguwa. Shi ya sa iyakar da ke tsakanin ƙarafa da sauran ba ta miƙe tsaye ba, ta karkace kamar matakalar bene, ta faro daga boron a sama tana gangarowa dama. Ƙarafa suka cinye hagu da tsakiya da ƙasa, waɗanda ba ƙarafa ba suka taru a kusurwar sama ta dama, metaloyid suka jeru a kan matakalar. Abu biyu ka kiyaye a jarrabawa. Alminiyam yana jingine da matakalar amma cikakken ƙarfe ne. Haidurojin kuma an ajiye shi a saman rukuni na ɗaya don elektiron ɗinsa ɗaya ne, amma iska ce, ba ƙarfe ba.

Yanzu mu shiga cikin wayar da kake ferewa kullum. Ƙwayoyin jan ƙarfe suna jere a tsari, a cunkushe, kowace na da maƙwabta goma sha biyu da ke taɓa ta. Kowace tana da elektiron ɗaya a can waje wanda riƙonsa ba ƙarfi. Da yake maƙwabta sun matso kusa haka, wannan elektiron yana jin jan cibiyar maƙwabciya kusan kamar yadda yake jin na tasa. Sai ya zama ba na kowa ba, ya zama na gungumen ƙarfen gaba ɗaya. Abin da ya rage a wurin shi ne ayon masu cajin fozitib, suna tsaye a layinsu, elektiron ɗin da aka saki kuma suna kai-da-komo a tsakaninsu kamar ruwa a cikin tsakuwa. Jan da ke tsakanin waɗannan ayon da wannan ruwan elektiron shi ne ke riƙe ƙarfe wuri guda. Wani Bajamushe mai suna Paul Drude ne ya kawo wannan hoto a 1900, shekara uku bayan J. J. Thomson ya gano elektiron a 1897. An yi masa gyare-gyare masu yawa daga baya, amma har yau yana isar ɗalibi ya fahimci yawancin abin da yake gani.

Kafin ka haɗa batir, elektiron ɗin nan suna gudu ne ta ko'ina, iyakar masu zuwa gabas iyakar masu zuwa yamma, don haka ba wutar da ke gudana. Da ka haɗa batir, sai a samu turi a tsawon wayar, dukkansu su ɗan karkata zuwa ɓangaren fozitib. Wannan karkatar ita ce wutar da mita ke aunawa. Batir bai zuba wa waya elektiron daga waje kamar yadda ake cika tulu ba, wayar a cike take tun farko, turi kawai ya kawo.

Farar wuta kuwa elektiron shida gare ta a waje, biyu take nema ta cika takwas. Kowace ƙwaya sai ta haɗa hannu da maƙwabta biyu, su yi tarayya a elektiron bibbiyu, har ƙwayoyi takwas su yi zobe, wato S₈. Kowane elektiron yana da wurin zamansa, ko dai a cikin ɗauri tsakanin ƙwayoyi biyu ko a jikin ƙwayarsa. Elektiron suna nan da yawa, sai dai babu mai 'yancin tafiya, don haka ko ka kawo turi ba mai amsawa. Haka zancen yake a robar da ta lulluɓe wayarka. Zoben S₈ kuma jan da ke tsakaninsa da zoben kusa da shi rarrauna ne, shi ya sa farar wuta ke narkewa a digiri 115 kacal, alhali jan ƙarfe sai 1085.

Bari mu yi lissafi da wayar soket mai kauri 2.5 mm², a ce tana ɗauke da amfiya 10. A kowace mita kubik ta jan ƙarfe akwai sakakkun elektiron kimanin 8.5 × 10²⁸, cajin kowane kuma 1.6 × 10⁻¹⁹ C. Saurin karkatarsu shi ne:

v = I / (n × A × e) = 10 / (8.5 × 10²⁸ × 2.5 × 10⁻⁶ × 1.6 × 10⁻¹⁹)

Abin da ke fitowa kusan milimita 0.3 ne a daƙiƙa, wato wajen mita ɗaya a awa guda. Tururuwa ta fi su sauri nesa ba kusa ba. Duk da haka kana danna makunni ƙwai ke kamawa, domin saƙon turin yana ratsa wayar da sauri mai kusantar na haske, kuma elektiron ɗin da ke cikin ƙwan tun farko su ne ke fara motsi. Ka tuna tiyon da ke cike da ruwa: kana buɗe famfo ruwa ke fita ta ɗaya bakin, amma ba wanda ya shiga yanzu ba ne. Wutar gidajenmu ma juyawa take, gaba da baya sau hamsin a daƙiƙa, elektiron ɗin rawa kawai suke yi a wurinsu. Dalilin da ya sa tafiya mai jinkiri haka ke ɗaukar amfiya 10 shi ne yawan matafiyan.

To me ke hana su gudu yadda suka ga dama? Ayon ɗin nan ba a tsaye cak suke ba, karkarwa suke yi a wurinsu, kuma iyakar zafi iyakar karkarwa. Wannan karkarwa, da duk wata baƙuwar ƙwaya ko lahani a cikin tsarin, suna warwatsa elektiron daga hanyarsu, makamashin da suka rasa ya koma zafi. Wannan ita ce turjiya, wadda mita ke nuna maka da om. Kowane ƙarfe da tasa. Ka ce za ka ja wuta daga gida zuwa shago mai nisan mita 25, zuwa da dawowa mita 50 ke nan na waya. Da R = ρL / A, inda ρ take turjiyar nau'in ƙarfen, L tsawon wayar, A kuma kaurinta, wato 2.5 mm² ɗin nan, jan ƙarfe mai ρ kimanin 1.7 × 10⁻⁸ Ω·m zai ba ka om 0.34. A amfiya 10 za ka rasa bolt 3.4 a hanya, wat 34 kuma zai tafi a zafi. Idan alminiyam ne mai kauri iri ɗaya, ρ kimanin 2.8 × 10⁻⁸, turjiya ta zama om 0.56, asara bolt 5.6 da wat 56. Da baƙin ƙarfe ne, wajen om 2, bolt 20, wat 200 na zafi a cikin bango.

A nan ne ilimin aji ya haɗu da sana'arka, kuma ina so ka riƙe shi da kyau. Akwai wayar da ake sayarwa wadda cikinta alminiyam ne, aka shafa mata jan ƙarfe a waje. A ido ba ka bambanta ta. Kankare bakinta da wuƙa: idan fari ya bayyana a ƙarƙashin jan, alminiyam ce. Ɗaga naɗin ka ji, za ta yi maka sakayau, domin santimita kubik na jan ƙarfe giram 8.96 ne, na alminiyam 2.70. Matsalarta ba ta tsaya ga zafin da muka lissafa ba. Alminiyam na yin wata fatar tsatsa siririya da zarar iska ta taɓa shi, fatar kuma ba ta ɗaukar wuta. Yana kuma lotsewa a hankali a ƙarƙashin kusa, mahaɗa ta saki, ta fara zafi. Na sha ganin soket da ya yi baƙi ya narke daidai wurin kusar alhali tsakiyar wayar lafiya lau take, kuma gobara daga irin wannan wuri take tashi. Wannan ba ya nufin alminiyam mugun ƙarfe ne. Manyan wayoyin da ke kan turaku yawanci da shi ake yi, galibi da ƙarfe mai tauri a tsakiya don ƙarfi, saboda ko an ƙara masa kauri ya ɗauki wuta daidai da jan ƙarfe, nauyinsa wajen rabi ne. Laifin shi ne a sa shi a kaurin da aka lissafa don jan ƙarfe.

Wani ɗalibi mai kaifin basira ya taɓa tsayar da ni a nan, ya ce alminiyam na sakin elektiron uku, jan ƙarfe ɗaya, me ya sa na ɗaya ya fi? Tambaya ce mai kyau, kuma tana nuna iyakar hoton Drude idan aka ɗauke shi da sauƙi. Yawan elektiron rabin labari ne. Ɗaya rabin shi ne nisan da kowane ke yi kafin a warwatsa shi, kuma a jan ƙarfe da azurfa nisan ya fi tsawo. Azurfa ce ta ɗaya a duk ƙarafa, jan ƙarfe na biye da ita kusa-kusa, sai zinariya, sai alminiyam da ke da kimanin kashi 61 cikin ɗari na jan ƙarfe. Wannan dalilin ne ya sa ake tace jan ƙarfen waya har ya kai kashi 99.9 cikin ɗari. Idan aka gauraya shi da wani ƙarfe, kamar a tagulla, baƙin ƙwayoyin sun ɓata tsarin, ɗaukar wutar ta faɗi ƙasa da rabi.

Sauran halayen ƙarfe da aka ba ku a jere duk daga wannan ruwan elektiron suke fitowa, ba sai ka haddace su ɗaya-ɗaya ba. Cokali a cikin shayi yana ƙona hannu don elektiron ɗin da ke ɗaukar wuta su ne ke kai zafi. Ƙarfe na ƙyalli don sakakkun elektiron na amsa haske su mayar da shi. Maƙeri na bugun ƙarfe ya baje ba tare da ya fashe ba, ana kuma jan sa ya zama waya, domin idan layin ayon ya zame a kan wani, ruwan elektiron na bin su, ɗaurin bai tsinke ba. Buga dunƙulen farar wuta da guduma, gari zai zama. Gishirin miya ma haka, amma nasa dalilin daban: a cikinsa sodiyam ya miƙa wa kulorin elektiron ɗinsa gaba ɗaya, ayon na fozitib da na negatib suka jeru bi-da-bi, da layi ya zame sai masu caji iri ɗaya su fuskanci juna su ture juna, ya tsage. Busasshen gishiri ba ya ɗaukar wuta. Narka shi a ruwa, zai ɗauka, sai dai a nan ayon ne ke tafiya, ba elektiron ba. Ɗalibai da yawa suna rasa maki a wannan bambanci.

Silikon kuma idan ka gan shi za ka rantse ƙarfe ne, toka-toka mai ƙyalli, ba ya narkewa sai digiri 1414. Amma buga shi, fashewa zai yi kamar gilashi. Kowace ƙwayarsa ta ɗaure da maƙwabta huɗu, elektiron huɗun nan duk sun shiga ɗauri, a tsari iri ɗaya da na daimon. Da haka ne kawai, da ba zai ɗauki wuta ba sam. Bambancin yana ga tsadar ɓalle elektiron daga ɗaurin ya samu 'yancin tafiya. Masana na kiran wannan tsada giɓi, suna auna ta da eV, wani ɗan ƙaramin ma'aunin makamashi. A daimon giɓin wajen 5.5 ne, a silikon 1.1, a jamaniyam kimanin 0.7, a ƙarfe kuwa babu giɓin kwata-kwata. Zafin ɗaki na ba kowace ƙwaya makamashi na kimanin 0.025 eV a matsakaici. Wannan bai kusa da 5.5 ba, don haka daimon shiru. A silikon kuwa, jefi-jefi akan samu elektiron da ya dace da rabo mai yawa ya tsallake. Santimita kubik na silikon na da ƙwayoyi kimanin 5 × 10²², amma sakakkun elektiron wajen 10¹⁰ ne kawai a zafin ɗaki, wato ɗaya a cikin ƙwayoyi tiriliyan biyar. A jan ƙarfe kowace ƙwaya ta ba da ɗaya.

Daga nan gwajin da na fi yarda da shi ya fito, wanda ya fi ƙyalli da tauri gaskiya: ɗumama abin ka ga me turjiyarsa za ta yi. A ƙarfe matafiya sun riga sun cika, zafi ƙarin cikas kawai yake kawowa, don haka turjiya na hawa, a jan ƙarfe kusan kashi 0.4 cikin ɗari a kowane digiri. Kana iya gani da mitarka. Ƙwan fitila irin na da mai zaren tangistin, na wat 60 a bolt 230, lissafi ya ce turjiyarsa na aiki wajen om 880 ce. Auna shi a sanyaye, za ka ga wajen om sittin ko saba'in. Shi ya sa irin wannan ƙwai ya fi mutuwa a daidai lokacin kunnawa, sa'ad da wuta mai yawa ta kwararo cikin zare mai sanyi. A tsantsar silikon kuwa zafi na ɓalle ƙarin elektiron, matafiya su ƙaru, turjiya ta sauka.

Ƙarancin matafiyan nan shi ne ya sa silikon ya zama abin amfani, domin abin da ke da kaɗan kana iya sarrafa adadinsa. Duba maƙwabcinsa na dama, fosforas, mai elektiron biyar. Idan aka sa ƙwayar fosforas a gurbin ta silikon, huɗu za su shiga ɗauri, na biyar ya rasa abokin ɗauri ya zama sakakke. Ƙwaya ɗaya a cikin miliyan ta isa ta kai sakakkun elektiron 5 × 10¹⁶, ninki miliyan biyar ke nan. Idan kuma boron aka sa, mai elektiron uku, sai a bar gurbi a ɗauri, elektiron na kusa ya faɗa ciki ya bar nasa gurbin, gurbin ya riƙa tafiya kamar caji na fozitib. Inda waɗannan nau'i biyu suka haɗu, wuta na wucewa ta hanya ɗaya kawai, wannan shi ne dayod ɗin da ke cikin caja. Farantin sola ma irin wannan mahaɗa ce mai faɗi: haske ya ɓalle elektiron, mahaɗar ta tura shi gefe guda. Ba za ka iya yi wa jan ƙarfe haka ba, ya riga ya cika da matafiya, ba yadda za ka rufe shi.

Yanzu ga fensirinka. Bakinsa girafait ne da aka cuɗa da yumɓu, ba dalma a ciki ko kaɗan. Girafait da daimon duk kabon ne zalla, tsarin zama ne ya bambanta. A daimon kowace ƙwaya ta ɗaure da huɗu, ba elektiron da ya saura. A girafait ta ɗaure da uku kawai, a shimfiɗaɗɗen faifai mai zane irin na saƙar zuma, elektiron na huɗu kuma ya zama na faifan gaba ɗaya, yana yawo a cikinsa. Ka ga bai karya ƙa'idar ba, ya tabbatar da ita ne: duk inda aka samu caji mai 'yancin tafiya, wuta za ta bi. Duk da haka ba a kiran kabon ƙarfe. Girafait na ɗaukar wuta sosai a tsawon faifan, amma da ƙyar daga faifai zuwa faifai, alhali ƙarfe na ɗauka ta kowace fuska. Yana karyewa, ba ya bajewa. Kuma idan ka ƙona shi, iskar CO₂ da ke fita tana ba da asid a ruwa. Wannan gwajin na ƙonawa shi ne na masu sinadarai: tokar magniziyam a ruwa na mai da takardar litmas shuɗiya, hayaƙin farar wuta a ruwa na mai da ita ja. Sandar baƙa da ke tsakiyar batirin tocila na da, da burushin da ke cikin injin huda bango, duk kabon ne da ake amfani da wannan hali nasa.

Rukunin da kabon ke jagoranta, na 14, shi ne inda za ka ga sauyin daga sama zuwa ƙasa da idonka: C, Si, Ge, Sn, Pb. Duk elektiron huɗu ne a waje, amma kabon ba ƙarfe ba ne, silikon da jamaniyam metaloyid, kuza da dalma ƙarafa. Tun kafin a ga jamaniyam, Dmitri Mendeleev, wanda ya fitar da jadawalinsa a 1869, ya bar masa gurbi a ƙarƙashin silikon ya kuma faɗi halayensa. Clemens Winkler ya gano shi a 1886, ya zo kusan yadda aka faɗa, kuma da shi aka yi turanzista ta farko a 1947.

Kuza, wadda aka daɗe ana haƙa a tsaunukan Jos, tana tsaye ne a bakin iyaka har ta kai tana da fuska biyu. A zafin da muka saba farar kuza ce, cikakken ƙarfe mai laushi, ita ce ke cikin abin da kake narkawa ka liƙa waya. Ƙasa da digiri 13, musamman idan sanyin ya yi tsanani ya kuma daɗe, tsantsarta na juyawa a hankali zuwa toka-toka mai tsarin daimon, ta kumbura, ta marmashe ta zama gari, ɗaukar wutarta ta faɗi. Ƙwayoyin ba su canja ba, furoton 50 ne kafin da bayan, zamansu da maƙwabta ne ya sauya, elektiron ɗin da ke yawo suka koma cikin ɗauri. Da za ka narka garin ka bar shi ya daskare, farar kuza za ta dawo, ta sake ɗaukar wuta kamar da.